Na daina allurar tazarar haihuwa, me ya sa har yanzu shiru?

Wannan tambaya ce da ake yawan yi wa ma'aikatan sashen tazarar haihuwa. Mace ta daina allura wata huɗu ko biyar, ba al'ada, ba ciki, dangin miji sun fara tambaya, ita kuma hankalinta ya tashi ko allurar ta ƙone mata mahaifa. 'Yar'uwa, allurar ba ta ƙone mahaifa, ba ta kuma ƙarar da ƙwai. Jinkiri take jawowa, jinkirin kuma yana da dalili, yana da iyaka.

Inda maganin yake zama

Allurar wata uku, wadda aka fi sani da Depo, tana ɗauke da miligiram 150 na wani sinadari mai kama da homon ɗin da jikin mace ke fitarwa bayan sakin ƙwai. Ana yin ta a cikin tsoka, a damtse ko a ɗuwawu, duk bayan mako 13. Sayana, wadda ake yi ƙarƙashin fatar ciki ko cinya, wadda mata da yawa ke yi wa kansu a gida, sinadari ɗaya ce da Depo, sai dai ita miligiram 104 ce.

Idan kin lura da kwalbar, ruwan fari ne kamar madara, kuma sai an girgiza kafin a zuƙa. Ƙananan ƙwayoyin magani ne ke yawo a cikinsa. In an yi allurar, sukan taru a wurin su riƙa narkewa kaɗan-kaɗan suna shiga jini, kamar kanwar da aka jefa a randa. Muddin akwai isasshen maganin a jini, ƙwaƙwalwa ba ta aika saƙon da ke sa ƙwai ya fashe ya fito. Ruwan bakin mahaifa ya yi kauri ya tare maniyyi, shimfiɗar cikin mahaifa kuma ta yi siririya, shi ya sa mata da yawa ke daina ganin al'ada. Jinin ba taruwa yake yi a ciki ba, shimfiɗar da za ta zubo ce ba ta ginu ba tun farko.

Mako 13 ɗin nan ba ranar ƙarewar magani ba ce. Lokaci ne da aka tabbatar kusan kowace mace tana da kariya, har wadda jikinta ke saurin fitar da magani. A jikin mata da yawa maganin na wuce haka nesa. Ana iya samun ɓurɓushinsa a jini har kwana 120 zuwa 200 bayan allura ɗaya, kusan wata huɗu zuwa bakwai ke nan. Bayan ya fita kuma, jiki na buƙatar lokaci kafin ƙwaƙwalwa da ma'ajiyar ƙwai su koma tsarinsu na wata-wata. Ƙwayar sha tana barin jiki cikin 'yan kwanaki. Ashanar fata da robar mahaifa ana cire su da hannu, aikinsu ya tsaya. Allura kuwa in ta shiga ta shiga, ba a zuƙo ta, babu kuma wani magani da ke karya ta.

Daga ina ake fara ƙirga

A nan ne ake yawan kuskure. Ana ƙirga ne daga ranar allurar ƙarshe, ba daga ranar da kika ƙi komawa asibiti ba. A matsakaici, matan da suka daina allurar wata uku suna samun ciki wajen wata 10 bayan allurar ƙarshe. Littafin jagora na Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa jinkirin ya kai kimanin wata huɗu fiye da na matan da suka daina sauran hanyoyi. Takardar da ke cikin kwalin Depo ta ƙara bayani: cikin matan da suka sami ciki bayan sun daina, kashi 68 cikin ɗari sun samu cikin wata 12, kashi 83 cikin wata 15, kashi 93 cikin wata 18.

A ce an yi miki allurar ƙarshe ranar 10 ga Janairu. Ranar komawarki wajen 11 ga Afrilu ce, ba ki koma ba. Zuwa Yuli za ki ce wata uku ke nan da dainawa, alhali wata shida ne kacal daga allurar, kuma mai yiwuwa har lokacin ba ki fara sakin ƙwai ba. Matsakaicin lokacin samun ciki zai faɗo wajen Nuwamba. In bai zo ba sai watan Afrilu ko Yulin shekara mai zuwa, har yanzu kina cikin abin da aka saba gani. Wata kuma takan samu tun wata na huɗu ko na biyar. Matsakaici yana nufin rabi sun riga, rabi sun biyo baya.

Allurar wata biyu, Noristerat, miligiram 200 ce cikin mai, duk mako 8. Ta fi saurin fita: a matsakaici ciki na zuwa wajen wata shida bayan ta ƙarshe. Allurar wata-wata, mai homon iri biyu, wajen wata biyar. Sayana kuwa, duk da ƙarancin miligiram ɗinta, ki sa ran jinkiri irin na Depo. Saboda haka duba katinki ki ga wacce ake yi miki, domin wasu matan "allura" kawai suka sani.

Yawan shekarun da kika yi kina allurar ba ya ƙara jinkirin. Wadda ta yi sau biyu da wadda ta yi shekara biyar, lissafinsu ɗaya ne, domin allurar ƙarshe ce ake jira ta fita. An dai lura cewa mata marasa jiki sukan riga masu ƙiba samun ciki. Abin da shekaru ke canjawa shi ne ke kanki. Wadda ta fara allura tana da shekara 31 ta daina tana da 38, ƙarfin haihuwarta ya ragu saboda shekaru, ko da ba ta taɓa yin allura ba. Shayarwa ma tana danne sakin ƙwai, musamman in yaro yana shan nono dare da rana.

Abin da za ki gani a jikinki

Watannin farko shiru ne, ko ɗigon jini mai launin ƙasa-ƙasa da ke zuwa ba tsari. Daga nan al'ada ta dawo a rikice: wannan watan kwana biyu, na gaba kwana takwas, wani watan ta tsallake. Nono na iya yin nauyi da ciwo, mara ta riƙa murɗawa, ƙurajen fuska su fito. Fitowar ruwa mai yauƙi, mai kama da farin ɗanyen ƙwai, alama ce mai kyau, tana nuna sakin ƙwai ya kusa. Ƙibar da wasu ke yi lokacin allura ba ta zubewa da kanta nan take, sai an haɗa da kula da abinci da motsa jiki. Ƙarfin ƙashi da ke ɗan raguwa lokacin amfani da allurar yana farfaɗowa a hankali bayan an daina. Game da salla da azumi a lokacin ɗigon nan, ki rubuta ranakun da launin jinin, zai sauƙaƙa wa malamin da za ki tambaya, ya kuma taimaki ma'aikaciyar lafiya.

Ki riƙe wannan da kyau: ƙwai yana fita kimanin mako biyu kafin al'ada ta zo. Kina iya ɗaukar ciki ba tare da kin ga jini ko sau ɗaya ba. Idan kina jin tashin zuciya, kasala ko nauyin nono, ki yi gwajin fitsari, zai fi kyau da na safe. In ba al'ada kuma kuna saduwa, gwaji sau ɗaya a wata ya isa. Ragowar maganin a jiki ba a san shi da cutar da jariri ba.

Batun ɗaukar ciki kafin a ga al'ada ya shafi wadda ba ta son ciki yanzu ma. Kada ki dogara da jinkirin. An yarda a yi Depo ko Sayana ko da an makara da mako huɗu, Noristerat kuma mako biyu. In kin wuce haka, ki ɗauka ba ki da kariya, ki yi amfani da kwaroron roba ko ku ƙaurace wa juna har ki je asibiti.

Abin da ke ɓata lamari

Gaggawa ce ke jefa mata cikin wahala. Ana zuwa a yi wankin mahaifa wai don a fitar da allurar, alhali maganin ba a mahaifa yake ba, yana cikin tsoka da jini. Kankare mahaifa ba dalili na iya jawo ciwon sanyi ko mannewar bangonta, wannan kuwa shi ne ke hana haihuwa da gaske. Haka tsime-tsime da abubuwan matsi: ba su rage ko kwana ɗaya, wasu ma suna ƙona gaba ko su taɓa hanta da ƙoda. Ƙwayoyin tayar da ƙwai da ake saye a kemis ba tare da likita ba na iya kumbura ma'ajiyar ƙwai. Ƙwayar tazarar haihuwa kuma, in an sha don "a kira al'ada", jini zai zo, amma ba ta hanzarta fitar allurar, kuma tana hana ciki muddin ana shan ta.

Abin da ke da amfani a lokacin jira kaɗan ne, ba tsada. Fara shan folik asid, maikurogiram 400 kullum, tun kafin ciki ya shiga, domin yana kare lakar baya da ƙwaƙwalwar jariri a makonnin farko. A duba jininki ko ya yi ƙasa. In kina da hawan jini, ciwon suga ko sikila, a daidaita su tukuna. Ku riƙa saduwa duk bayan kwana biyu ko uku, ba sai an tsaya lissafin rana ba tunda al'ada ba ta daidaita ba. A kuma zaunar da maigida a nuna masa wannan lissafin, domin rabin damuwar mace a wannan lokaci daga tambayoyin gida take zuwa.

Ki je asibiti idan shekara guda ta cika daga allurar ƙarshe ba ki ga al'ada ba, ko al'ada ta daidaita kun yi shekara kuna nema ba ciki. In kin haura shekara 35, wata shida da dawowar al'ada ya isa. Za a duba wasu dalilan da allura ta ɓoye ko ake ɗora mata laifinsu: matsalar maƙoƙo, homon ɗin nono da ya yi yawa, ƙulle-ƙullen ma'ajiyar ƙwai, toshewar hanyar ƙwai sanadin tsohon ciwon sanyi. A gwada maniyyin maigida tun a zuwan farko, gwaji ne mai sauƙi. Kada ki jira ko kwana ɗaya idan jini yana jiƙa audugar mata duk awa, ko kina da ciwon mara mai tsanani a gefe ɗaya tare da jiri, ko zazzaɓi da ruwa mai wari.

Ga wadda har yanzu take kan allura kuma tana son ciki nan da shekara guda, yanzu ne lokacin shiri. Ranar da ya kamata a yi miki ta gaba, ki nemi a sauya miki zuwa ƙwayar sha ko kwaroron roba. Allurar za ta riƙa fita kina da kariya, ranar da kuka shirya sai ki ajiye ƙwayar.