Garaɓasar Kirsimeti ta sauka a shagonmu na Kakuri

Jama'ar Kakuri, Makera, Nasarawa, Barnawa har da ku mutanen Tudun Wada da kuke tsallako gada ku zo mana, sallama gare ku. Hazo ya sauko, leɓe ya fara tsagewa, yara sun fara ƙirga kwanaki, to mu ma dai mun shirya. Daga 10 ga Disamba har 2 ga Janairu mun karya farashi a shago, kuma ragin nan na kowa da kowa ne, ba mai tambayarka coci kake zuwa ko masallaci kafin a auna maka shinkafa.

Iyayenmu mata masu shirin cincin, ku muka fara tunawa. Mun haɗa muku fulawa mudu 3, siga mudu 1, bota, madarar gari, yis da man gyaɗa lita 2 a leda ɗaya, in kin ɗauka a haɗe an rage miki naira 1,500 a kan yadda za ki saya ɗaiɗai. Bara wata mamanmu daga Unguwar Television sai da ta dawo sau uku a rana ɗaya, ta manta bota, ta koma gida ta tuna babu gyaɗar ƙamshi, ta sake dawowa tana ta yi mana faɗa kamar mu muka mantar da ita, shi ya sa bana muka ce a ɗaure komai wuri guda kowa ya huta. Mama in kina karantawa, taki ledar tana ajiye.

Shinkafa 'yar gida mai tsabta wadda ba sai an zauna tsintar tsakuwa ba, buhu mai kilo 50 an sauke naira 3,000, mai kilo 25 an sauke 1,500. In buhu ya yi maka nauyi ku haɗu ku biyu ko ku huɗu da maƙwabta, mu za mu raba muku a gabanku da mudu ɗaya, ba cuta ba cutarwa. Akwai taliya, tumatirin gwangwani, magi, kori, lemon kwalba katan katan, sabulun wanki, da basilin da man kaɗanya saboda ƙafafun yara a wannan hunturun.

Sai maganar kwandon kyauta. Kowa a unguwar nan ya san yadda ake yi, ranar Sallah kwanon nama da tuwo ya shiga gidan Maman yara na kusa, ranar 25 ga Disamba kuma kular shinkafa da kaza ta tsallako katanga ta dawo, kuma kwano ba ya komawa gida haka nan wayam. To Alhaji, Hajiya, in kuna tunanin me za ku saka a kwanon maƙwabta bana, mun haɗa kwando kala uku, ƙarami da matsakaici da babba. Ba giya a ciki, ba wani abin da zai sa mai karɓa ya tsaya karanta bayan kwali, ko Fasto aka kai wa ko Liman zai buɗe hankalinsa kwance. Kati kyauta ne, ka faɗi abin da kake so a rubuta, yarinyarmu ta kan kanta rubutunta ya fi na kowa kyau.

Masu tafiya gida Kafanchan, Zonkwa, Kachia, da 'yan Kagoro da za su tsaya har bikin Afan ranar 1 ga Janairu, ku zo da wuri don Allah, kar ku bari sai ranar 23 lokacin da mota ta yi tsada kowa yana gudu. Za mu ɗaure muku kaya da kyau a rubuta suna a jiki, wanda ya yi sayayyar da ta kai naira 50,000 Keke Napep zai kai masa har tashar Television, kuɗin keken a kanmu.

Muna buɗewa ƙarfe 7:30 na safe zuwa 9 na dare. Ranar Juma'a in mun tafi masallaci shago ba ya rufuwa, abokan aikinmu Kirista suna nan, ranar 25 da 26 kuma su ne za su tafi hutunsu su yi ibada su ci biki da iyali, mu za mu riƙe shagon, saboda haka ko gishiri ne ya yanke ana tsakiyar girki a turo yaro. Ana karɓar kuɗi hannu, POS da tiransifa, sai dai bashi kam a yi mana haƙuri sai bayan sabuwar shekara.

Ga 'yan uwanmu Kirista, barka da Kirsimeti, Allah ya sa a yi lafiya a gama lafiya, matafiya Allah ya kiyaye hanya. Shagon yana nan bakin kasuwar Kakuri, mai koren ƙofa kusa da masu lemo da kankana. Duk yaron da ya rako mamansa akwai alewa da balan-balan.