Wa ake kira baƙi, wa ake kira fari? Buɗe darasin mako na 4 a Ilimin Zamantakewa, aji biyu

Assalamu alaikum, barkanku da safiya. Na bayan can, ku matso gaba, lasifikar yau ma ba ta aiki. A kashe waya.

Ke mai shuɗin mayafi a layi na biyu, ki yi haƙuri zan yi misali da ke. A unguwarku in ana kwatancenki, me ake cewa? Fara, ko ba haka ba? Ta gefenki kuma wankan tarwaɗa, ni da ke tsaye gabanku baƙi. To, da za a ɗauke mu mu uku a sauke a Amurka a miƙa mana takardar ƙidaya, gurbi ɗaya za mu cike: baƙar fata. A Brazil kuwa mai yiwuwa a raba mu gida biyu. Fatarmu ba ta sauya a cikin jirgi ba, ma'aunin ne ya sauya. Darasinmu na yau a kan ma'aunin nan yake: wa ya yanka shi, yaushe, kuma me ake rabawa da shi.

Mu fara da wata mata a jihar Louisiana, Susie Guillory Phipps. A 1977 ta nemi takardar haihuwarta don ta yi fasfo. Da aka miƙo mata takardar, sai ta ga an rubuta ta cikin waɗanda ba farare ba. Mace ce da ta haura shekara 40 tana zaune a matsayin Baturiya, ta auri Bature, ba wanda ya taɓa kallonta ya ce mata wani abu daban. Ta kai ƙara. Jiha ta ɗauko masanin salsala ya bi zuriyarta har ƙarni na 18, ya tarar da wata baiwa cikin kakanninta. A lokacin Louisiana na da doka ta 1970 da ta ce duk wanda jinin baƙar fata a jikinsa ya wuce kashi 1 cikin 32, ba za a rubuta shi fari ba. Ku lissafa: iyaye biyu, kakanni huɗu, sai takwas, sai 16, sai 32. Wa a ajin nan zai iya jero sunayen mutum 32 da ya fito daga tsatsonsu? Phipps ta faɗi a shari'ar. An soke dokar a 1983, amma takardarta ta zauna yadda take.

Wannan ƙa'ida da ake kira ta ɗigon jini ɗaya, wato jinin baƙi kaɗan ya isa a cire ka daga farare, tana da tushe, kuma tushen dukiya ne. A 1662 Virginia ta kafa doka cewa ɗa yana bin matsayin uwarsa: in uwa baiwa ce, abin da ta haifa bawa ne, ko da ubangidan ne ubansa. Kun ga ribar a fili, kowace haihuwa ƙarin dukiya ce ga mai gona. Ku gwada da abin da kuka sani a fiƙihu da tarihin ƙasar Hausa, inda ɗan da ubangida ya haifa da sa-ɗaka ɗa ne mai 'yanci, yana gādo, har ya hau gadon sarauta. Ba ina wanke bautar da aka yi a nan ba ne, bauta bauta ce. Abin da nake nuna muku shi ne, yaro iri ɗaya, wata doka ta tura shi ɓangaren uwa, wata ta tura shi ɓangaren uba.

Ita kanta Amurkar ba ta tsaya kan magana ɗaya ba. Ƙidayar 1890 ta ware gurbi ga mai rubu'in jinin baƙi, da wani ga mai kashi 1 cikin 8. A ƙidaya ta gaba an watsar da su. A 1930 an ƙirga 'yan asalin Mexico a matsayin jinsi na daban, a 1940 aka mayar da su cikin farare. Sai a 2000 aka yarda mutum ya zaɓi gurbi fiye da ɗaya.

Amma wanda ya fi ba ni dariya, in abin dariya ne, shari'u biyu ne a Kotun Ƙoli. A Nuwamban 1922 aka yanke shari'ar Takao Ozawa, haifaffen Japan, da ya nemi zama ɗan ƙasa, ya ce ai fatarsa fara ce. Kotu ta ce a'a, fari yana nufin jinsin da masana ke kira na Kokeshiya. Bayan wata uku, a Fabrairun 1923, ga Bhagat Singh Thind, ɗan Punjab wanda ya yi wa Amurka aikin soja a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya ce madalla, littattafan masanan nan sun sa mutanen arewacin Indiya cikin wannan jinsi. Sai kotun ta ce a bar zancen masana, fari shi ne wanda mutumin kan titi ya sani da fari. Alƙali ɗaya, George Sutherland, shi ya rubuta hukuncin biyu. An riga an yanke wanda ba a so, hujja ce ake nema daga baya.

Afirka ta Kudu ta kafa dokar rajistar jama'a a 1950, ta zuba kowa a gurbi, gurbin kuma shi ke faɗin unguwar da za ka zauna, makarantar ɗanka, da wadda za ka aura. In jami'i ya rasa inda zai sa mutum, akan soka masa fensir a gashi: ya zame ya faɗi, ko ya maƙale? Sandra Laing, da aka haifa a 1955, uwa da uba duk farare ne a takarda, amma tana da shekara 10 aka kore ta daga makarantar farare saboda kamanninta, aka sauya mata gurbi. Gwamnatin nan dai ta riƙa ɗaukar 'yan Japan tamkar farare saboda cinikin da ke tsakaninsu. Ozawa ya yi kuskuren ƙasa da zamani ke nan.

Brazil ta bi wata hanya, kamanni ake dubawa fiye da salsala, har wa da ƙani ciki ɗaya sukan faɗa gurbi daban-daban. A wani bincike na 1976 da aka bar mutane su faɗi launinsu da bakinsu, an tattara kalmomi sama da 130. Kada ku ɗauka hakan ya kawar da wariya a can. Ku dubi wa ke zaune a unguwannin talakawa.

Na ga hannu a baya. Kana tambaya, shin bambancin launin ba gaskiya ba ne? E, malam, bambancin fata da gashi gaskiya ne, ido na gani, kuma gādonsa ake yi. Sai dai in ka taso daga Legas ka bi ta Kano, Agadas, har gaɓar Bahar Rum, launi a hankali yake sauyawa, ba wata kan iyaka da za ka ce nan baƙi ya ƙare, fari ya fara. Mutum ne ke zuwa ya ja layi.

Ku fito da takarda. Minti biyar na ba ku: kowa ya rubuta kalmomin da ake rarrabe mutane da su a garinsu, na launi da na asali, ya ja layi ƙarƙashin duk wadda ya san ta taɓa hana wani aure. Daga nan za mu koma 1735, ga Linnaeus, masanin halittu ɗan Sweden, da ya kasa 'yan Adam gida huɗu.