Babi na Bakwai: Tambayoyin Tattaunawa a kan Dalilan Jihadin 1804

A rarrabu rukuni-rukuni, kowane rukuni ya tattauna tambayoyin nan kafin a rubuta amsa. Jero dalilai kawai ba zai wadatar ba. Ana son ɗalibi ya faɗi dalilin da ya fi nauyi a wurinsa, ya kawo hujja daga babin, sannan ya amsa hujjar wanda ya saɓa masa.

1. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara wa'azi a wajajen 1774, amma bai yi hijira daga Degel zuwa Gudu ba sai a watan Fabrairun 1804. Idan gurɓacewar addini a ƙasar Hausa ita ce babban dalilin jihadi, me ya sa aka kwashe shekara talatin ana wa'azi ba tare da an zare takobi ba? Ku nuna abin da ya sauya a tsakani: ƙarfin Jama'a, wato mabiyan Shehu, ne ya ƙaru, ko kuwa halin sarakunan Gobir ne ya canza?

2. A haɗuwarsu ta Magami, Shehu ya ƙi karɓar kyautar Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo, ya roƙi abubuwa biyar a madadinta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, kuma kada a tsananta wa talakawa da haraji. Ku raba buƙatun gida biyu, na addini da na rayuwar yau da kullum. Shin rabon ya yiwu kuwa, ko a idon malamin wancan zamani zalunci a haraji shi ma saɓon Allah ne? Ku lura cewa amsar da kuka bayar a nan za ta shafi amsarku ta tambaya ta uku.

3. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu ya soki jangali da gaisuwar da ake kai wa masu mulki. Ku ɗauki mutum uku: makiyayin da ake ƙirga masa shanu don jangali, manomin da ake ɗibar masa hatsi, da almajirin da dokar Sarkin Gobir Nafata ta hana shi naɗa rawani. Wanne ne a cikinsu ya fi kusa da ya bar gidansa ya bi Jama'a, kuma me zai ja shi? Sannan ku auna wannan: dalilin da ya sa shugabanni suka tashi da dalilin da ya sa mabiya suka amsa, dole ne su zama ɗaya?

4. Wasu masana na ganin jihadin yunƙuri ne na Fulani don karɓe mulki, suna kafa hujja da cewa mafi yawan waɗanda aka ba tuta Fulani ne. Masu ja da su suna ambaton Abdussalami na Gimbana da Yakubun Bauchi, waɗanda ba Fulani ba ne, suna kuma tunatarwa cewa harin da dakarun Sarkin Gobir Yunfa suka kai wa mutanen Gimbana yana cikin abubuwan da suka hura wutar rikicin. Wace hujja ce ta fi ƙarfi? Tawayen da Abdussalami ya yi wa Muhammadu Bello bayan rasuwar Shehu a 1817, wane ɓangare ya ƙarfafa? Kada a yi gaggawa a nan, domin kowane ɓangare na iya jan wannan labari zuwa gare shi.

5. Gobirawa sun gina babban birninsu Alƙalawa a ƙasar da suka ƙwace daga Zamfara. Zamfarawa sun mara wa Jama'a baya da farko, daga bisani da yawansu suka juya. Aƙida ce ta kawo su ko tsohuwar gaba da Gobir?

6. Ku bambance tsakanin dalilin tashin jihadi da dalilin nasararsa. An ci nasara a Tabkin Kwatto a watan Yunin 1804, aka yi babbar hasara a Tsuntsuwa a ƙarshen wannan shekarar, Alƙalawa kuwa ba ta faɗi ba sai a 1808. Da sarakunan Hausa sun haɗa kai tun da wuri, kuna ganin himmar Jama'a kaɗai za ta isa?

7. A wasiƙun da suka yi musaya, Muhammadul Amin El-Kanemi na Borno ya ƙalubalanci Muhammadu Bello da cewa aikata saɓo ba ya mayar da Musulmi kafiri, balle a halatta yaƙarsa. Abdullahi ɗan Fodiyo shi ma ya bar runduna a wajajen 1807 saboda son duniyar da ya gani a tsakanin mayaƙa, ya kama hanyar gabas har ya tsaya a Kano. Ɗaya abokin hamayya ne, ɗaya kuwa ƙanen Shehu ne kuma jagoran yaƙi. Shaidar wa ta fi raunana ra'ayin cewa addini kaɗai ne dalili? Ku kuma tuna cewa yawancin rubuce-rubucen da suka iso gare mu daga hannun waɗanda suka yi nasara suka fito.

Aikin gida: a cikin shafi biyu, ku jera dalilai huɗu daga mafi nauyi zuwa mafi sauƙi, sannan ku cire na farkon, ku bayyana ko jihadin zai auku a 1804 ba tare da shi ba.