Wasiƙa ga Hadiza kan bitar jarrabawar BEPC

Ƙanwata Hadiza,

Ina gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da Inna da sauran mutanen gida, ya kuma zafin Garwa. Na ga hoton takardar tarihin da kika turo ta wayar Inna, mai 06/20. Inna ta ce kullum kina kan littafi har dare ya raba, kuma na yarda, don tun kina ƙarama ba a san ki da wasa ba. Matsalar a yadda kike bitar take. Kina karanta abin da kika kwafa a aji sau biyar, sau shida, ido ya saba da shafin, sai ki ɗauka kin iya. Ranar jarrabawa kuwa shafin ba ya gabanki. Ki tuna makarantar allo: Malam bai taɓa barin ki wanke allo don kin karanta kina kallo ba, sai kin kifa shi kin kawo hadda. Haka za ki yi wa littafin rubutunki, sai dai yanzu ke ce ɗaliba, ke ce malama.

Ɗauko darasin haɗewar Kamaru, wanda ya kayar da ke. Ga abin da na karanta a hoton shafinki: an yi ƙuri'ar jin ra'ayi a Kamaru ta Ingila ranar 11 ga Fabrairu 1961, Kudu ta zaɓi haɗewa da Jamhuriyar Kamaru, Arewa ta zaɓi Najeriya, an yi taron Fumban a watan Yuli, aka kafa tarayya ranar 1 ga Oktoba 1961, Ahmadu Ahijo shugaba, John Ngu Foncha mataimaki, sannan ƙuri'ar 20 ga Mayu 1972 ta soke tarayyar. Ki samo sabon littafi na dabam. A shafin dama ki rubuta tambayoyi, a bayan takardar ki rubuta amsoshi, yadda ba za ki hango su ba sai kin juya. Daga wannan ɗan sakin layin ni na fitar da biyar:

1. A wace rana aka yi ƙuri'ar jin ra'ayi a Kamaru ta Ingila? Maki 2.
2. A wane gari aka yi taron tsara tarayya? Maki 2.
3. Me Kudu ta zaɓa, me Arewa ta zaɓa? Maki 4.
4. Me ya faru ranar 1 ga Janairu 1960, da 1 ga Oktoba 1961, da 20 ga Mayu 1972? Maki 6.
5. Me ya sa Kamaru take da harsunan hukuma biyu? Maki 6.

Jimla ashirin ke nan, kamar yadda ake yi muku a aji. Na sa su da Hausa don ki gane tsarin, amma ke da Faransanci za ki rubuta tambaya da amsa duka, da irin kalmomin da malaminku yake sawa a takarda, tun da da shi za a tambaye ki. In kina son ki bayyana wa kanki abu da baki da Hausa kafin ki rubuta, ba laifi, yana ma taimakawa.

Duba tambaya ta biyar da kyau, don ita ce ta fi sauran daraja. Amsarta ba ta cikin layi ɗaya, sai kin koma darasin baya kin haɗo. Irin su ne yara suke gudu in suna ƙirƙirar tambayoyi da kansu, sai su cika littafi da "yaushe" da "wane ne", don su ne masu daɗin amsawa. A kowane darasi ki tilasta wa kanki aƙalla "me ya sa" guda ɗaya ko "mene ne bambanci" guda ɗaya. Kuma kafin ki rufe littafin aji, ki raba makin a bayan takarda: Jamus ta mallaki ƙasar tun daga yarjejeniyar 1884 da sarakunan Duwala, maki 2, bayan an kori Jamusawa a 1916 lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Faransa da Ingila suka raba ta, maki 2, ɓangarorin biyu suka haɗe a 1961, kowa da harshen da ya gada, maki 2. In ba ki raba tun yanzu ba, ranar duba amsa za ki riƙa ba wa kanki maki saboda tausayi.

Kada ki amsa a ranar da kika rubuta tambayoyin, don a lokacin komai yana kan harshenki, ba abin da zai nuna miki. Bari sai washegari bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi. Ki ba Inna littafin aji ta ajiye, ki duba agogo, minti ashirin, ki rubuta amsa cikakkiya da shuɗin biro a wata takarda. Amsawa a zuci ba ta shiga lissafi.

Sai ki ɗauko jan biro ki juya takardar. A ce a ta uku kin rubuta cewa Arewa ce ta zaɓi Kamaru, Kudu ta tafi Najeriya. Sifili ne, ba rabin maki, ko da kin ce ai kin sani hannu ne ya juya. Mai duba takardar BEPC bai san ki ba, abin da ke rubuce kawai zai gani. A ce a ta ɗaya kin sa 1961 ba rana ba wata, maki 1. A ta biyu kuma ki kula da rubutun sunan yadda yake a littafinku, Foumban. A gefen kowane kuskure ki sa dalili a taƙaice: ban sani ba, na rikita biyu, ko ban karanta tambayar da kyau ba. Maganinsu ba ɗaya ba ne. Wanda ba ki sani ba, koma littafi. Wanda kika rikita, ki jera su gefe da gefe ki nemi abin da zai raba miki su, misali ki tuna Mubi, wadda tana cikin waccan Arewar kuma yau a Najeriya take. Na ukun kuwa, ki riƙa ja wa kalmar da ake tambaya layi kafin ki fara rubutu. A takardarki ta 06/20 na ƙirga wurare biyu da aka ce ki bayyana dalili, kika ba da kwanan wata.

Tambayar da kika faɗi, sa mata alama, ki sake ta bayan kwana uku, sannan bayan mako. Wadda kika ci sau biyu a jere, ki bar ta ta huta sai ƙarshen wata. Ki riƙa rubuta kwanan wata da makin a saman shafi.

Lissafi ya ɗan bambanta. Can ba tambaya za ki ƙirƙira daga bayani ba, misalin da malam ya warware a allo za ki kwafa ba tare da amsar ba, ki yi da kanki, sannan ki canza lambobi. In ya yi dokar Pitagor, a² + b² = c², da 3 da 4 ya samu 5, ke gwada 6 da 8, ya kamata ki samu 10; gwada 5 da 12, ki samu 13. Ki ba wa kowane mataki makinsa, don a lissafi hanya ma ana biyan ta.

Ban ce ki yi wa duk darussa haka a mako ɗaya ba, za ki gaji ki watsar. Darasi ɗaya a rana ya isa, ki fara da tarihi. Tsofaffin takardun BEPC da na bari a akwatin ɗakin Baba, ki riƙa duba yadda suke gina tambaya kina kwaikwayo, amma kada ki zauna yin su gaba ɗaya tukuna, sai watan Mayu.

Ranar Lahadi ki turo mini hoton tambayoyi biyar da kika fitar daga darasin Yaƙin Duniya na Biyu, da amsarki, da jan biron a kai. Ko 07 kika ba kanki, turo haka, kada ki gyara. Na ba Kawu Sale kuɗin littafi da biro, zai kawo miki ranar Juma'a. Ki gaishe da Inna, Allah ya ba da sa'a.

Yayanki,
Bashir
Ngaundere