Takardar Lissafin Bawul ɗin Sarrafa Ruwan Sanyi na AHU-2, Babban Zauren Taro, Gombe

Gombe, 20 ga Janairu

Daga injiniya mai kula da zanen na'urorin sanyi, zuwa ga injiniyan ɗan kwangila a wurin aiki.

Assalamu alaikum, Injiniya. Bayan gaisuwa da fatan ana cikin ƙoshin lafiya, na duba takardar kayan da kuka aiko domin amincewa, na ga kun saka bawul mai girman DN65, mai Kvs 63, a kan kwayil ɗin sanyi na na'urar sanyaya iska ta AHU-2, bisa dalilin cewa bututun reshen DN65 ne. Ban amince da wannan zaɓi ba, kuma na ga ya dace in kawo lissafin gaba ɗaya a rubuce, domin ku bi shi da kanku kafin a ba da odar kaya. Bawul ɗin da nake nema shi ne mai hanya biyu, DN40, Kvs 25.

Ƙarfin kwayil ɗin bisa takardar masana'anta kilowat 84 ne, ruwa yana shiga a digiri 7 yana fita a digiri 12, wato bambancin digiri 5. Yawan ruwan da ake buƙata shi ne:

```
Q = 0.86 × 84 / 5 = 14.4 m³/h
```

Wannan ya yi daidai da lita 4 a kowace daƙiƙa, kuma a bututun DN65 gudun ruwan bai wuce mita ɗaya a daƙiƙa da yawa ba, saboda haka girman bututun daidai yake, ba ni da magana a kansa. Sai dai shi bututu ana zaɓarsa ne don ya rage asarar matsi, shi kuwa bawul ɗin sarrafawa ana zaɓarsa ne don ya cinye matsi da gangan, domin da matsin da yake cinyewa yake samun iko a kan ruwan. Shi ya sa girman wannan ba ya zama hujjar girman wancan.

Idan duk na'urorin ginin suna aiki a cike, bambancin matsin da ke tsakanin bututun zuwa da na dawowa a bakin reshen AHU-2 shi ne 80 kPa. Daga ciki kwayil yana cin 30 kPa, bututun reshen da rariyar tace ruwa da gwiwoyi da bawulolin rufewa suna cin 10 kPa, sai 40 kPa, wato 0.40 bar, ya rage wa bawul ɗin sarrafawa. Lambar Kv ita ce yawan ruwan da ke wucewa ta bawul, a ma'aunin m³/h, idan faɗuwar matsi a kansa bar ɗaya ce, Kvs kuwa ita ce Kv ɗin bawul idan ya buɗe gaba ɗaya.

```
Kv = Q / √ΔP = 14.4 / √0.40 = 22.8
ΔPv = (Q / Kvs)²
```

Masana'antu ba sa ƙera bawul mai 22.8, jerin da aka saba samu shi ne 10, 16, 25, 40, 63. Mai Kvs 16 zai nemi 81 kPa shi kaɗai, abin da reshen ba shi da shi, kuma ko an buɗe komai ruwan da zai wuce ba zai haura kimanin 11.7 m³/h ba, wanda ba zai ishe mu ba a zafin Maris da Afrilu idan zaure ya cika. Mai Kvs 25 yana cin 33 kPa, sauran 7 kPa kuma a ɗora su a kan bawul ɗin daidaitawa. Idan mai sayar da kaya ya kawo katalog mai lambar Cv irin ta Amurka, a tuna cewa Cv daidai take da Kv sau 1.156, don haka Kvs 25 tana kusa da Cv 29, kada a ɗauki Cv 25 a matsayinta.

Ikon bawul, wanda ake rubutawa da harafin N, shi ne faɗuwar matsi a kan bawul ɗin yana buɗe gaba ɗaya ruwan zane, wato 14.4 m³/h ɗin da muka lissafa, yana wucewa, a raba da matsin da ke kansa idan ya rufe.

```
Kvs 25:  N = 33 / 80 = 0.41
Kvs 40:  N = 13 / 80 = 0.16
Kvs 63:  N = 5.2 / 80  = 0.07
```

A aikin sanyaya gini an saba neman iko tsakanin 0.3 da 0.5, ni kuma ba na karɓar ƙasa da 0.25. Ma'anar 0.07 ita ce, bawul ɗin da kuka zaɓa zai iya rufewa da nisa ba tare da ruwan ya ragu yadda ya kamata ba, saboda kwayil da bututu da bawul ɗin daidaitawa ne ke riƙe da kusan dukkan matsin.

Abin da ya ƙara wa wannan muhimmanci shi ne halin kwayil ɗin kansa. Sanyin da yake bayarwa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da ruwan da ke ratsa shi: a bambancin digiri 5, rabin ruwa yakan ba da kusan kashi uku cikin huɗu na sanyin, ko ma fiye. Saboda haka ne na nemi bawul irin wanda ke sakin ruwa kaɗan kaɗan a farkon buɗewa sannan ya saki da yawa a ƙarshe, wanda katalog ke kira `equal percentage`, domin lanƙwasarsa ta gyara lanƙwasar kwayil, sanyi ya riƙa bin umarnin kwantirola daidai gwargwado. Wannan gyara yana tabbata ne kawai idan iko ya wadata. Na ɗauki bawul wanda mafi ƙarancin Kv ɗin da yake iya sarrafawa ɗaya bisa 50 ne na Kvs, na lissafa ruwan da ke wucewa idan ya buɗe rabi, matsin reshe yana 80 kPa. Mai Kvs 25 yana sakin 3.1 m³/h, wato kashi 22 cikin ɗari na ruwan zane, abin da ya dace da rabin aiki ko kusa da haka. Mai Kvs 63 yana sakin 7.0 m³/h, kashi 49 cikin ɗari, ke nan tun yana rabin hanya kwayil ya riga ya ba da mafi yawan sanyinsa, sauran rabin tafiyar kusan ado ne.

Duk lissafin da ya gabata na ranar da ginin ke aiki a cike ne, kuma irin wannan rana ba ta da yawa a shekara. A watannin hunturu irin wanda muke ciki, da safiyar damina, da duk ranar da aka yi taron mutum hamsin a zauren da aka gina wa ɗaruruwa, na'urorin suna aiki ne da ɗan kaso na ƙarfinsu, kuma a nan ne ya kamata a auna bawul. Famfon da ke tura ruwa zuwa rassan ginin yana ba da 180 kPa a cikakken aiki, manyan bututu suna cin 100 kPa, 80 kPa ya iso gare mu. Idan famfon yana gudu ɗaya ba ya canzawa, sauran bawulolin ginin kuma suka rage ruwa har jimillarsa ta koma kashi 40 cikin ɗari, asarar manyan bututu za ta sauka zuwa 16 kPa, tunda tana bin ninkin yawan ruwa sau kansa, shi kuma famfon, bisa zanen aikinsa da kuka haɗo da takardunku, zai hau zuwa 210 kPa. Abin da zai taru a bakin reshenmu shi ne 194 kPa.

```
N = 33 / 194 = 0.17
```

Wani zai iya cewa rabon matsi tsakanin bawul da kwayil a cikin reshen bai canza ba, kuma gaskiya ne. Abin da ya canza shi ne, a wannan matsi bawul ɗin yana kai ruwan zane tun yana kashi 81 cikin ɗari na buɗewarsa, idan kuma ya buɗe duka zai saki 22.4 m³/h, a rabin buɗewa kuwa 4.9 m³/h maimakon 3.1. Ƙaramin motsi yana haifar da babban canji a ruwa, kwantirolar da aka saita a watan Afrilu sai ta fara kai da kawowa a watan Disamba. Ke nan ko bawul ɗin da aka zaɓa daidai yana rasa iko idan ba a riƙe matsin ba. Mai Kvs 63 a wannan hali zai saki kashi 76 cikin ɗari na ruwan zane yana rabin buɗewa, kuma mafi ƙarancin ruwan da zai iya riƙewa ba tare da tsalle ba shi ne kimanin 1.75 m³/h, kashi 12 cikin ɗari, alhali na mai Kvs 25 shi ne 0.70 m³/h. Ƙasa da wannan iyaka bawul buɗewa da rufewa kawai yake yi, motar da ke juya shi ta gaji da wuri, mazauninsa ya cinye.

Ɓarnar ba ta tsaya a zauren ba. Ruwan da ya wuce kima yana komawa ɗakin injuna bai ɗauki zafin da ya kamata ba, ya dawo a digiri 9 ko 10 maimakon 12, famfo yana ta wahalar tura ruwan da ba a amfana da shi ba, injin sanyaya ruwa na biyu ma yana iya tashi alhali na farko bai cika aikinsa ba. A ginin da sau da yawa janareto ke ɗauke da shi, mai ginin zai ga wannan a kuɗin dizal.

Bisa wannan, amincewata da Kvs 25 tana tare da sharaɗin cewa famfon zai yi aiki da inbata mai canza gudunsa, a kafa na'urar auna bambancin matsi a bakin reshen AHU-2, wanda shi ne mafi nisa daga ɗakin injuna, a saita ta a 80 kPa. Da haka ikon bawul ɗin zai zauna a 0.41 ko aiki ya cika ko ya ragu. Kada a kafa na'urar aunawar a bakin famfo don sauƙin waya, domin idan aka riƙe 180 kPa a can, reshenmu zai ga 164 kPa a yanayin da na lissafa a sama, iko ya sauka zuwa 0.20. Rassan da ke kusa da ɗakin injuna lissafinsu daban ne, tunda a cikakken aiki matsinsu ya fi 80 kPa, kuma a kansu ne zan duba ko ya fi dacewa a saka bawul mai riƙe matsinsa da kansa, wanda katalog ke kira PICV.

Wajen haɗawa, a yi amfani da marage daga DN65 zuwa DN40 a gaba da bayan bawul ɗin, a kafa shi a bututun dawowa bayan rariya ta riga ta tace ruwan a bututun zuwa, a bar bakunan auna matsi a kowane gefensa. Motar bawul ta kasance mai karɓar 0–10 V, kuma mai iya rufe shi gam a kan bambancin matsi na aƙalla 300 kPa, saboda famfon yana kai 230 kPa idan ruwa ya tsaya cak, kuma wata rana za a kewaye inbata a kunna shi kai tsaye. Ranar gwaji za mu buɗe bawul ɗin duka, mu daidaita ruwa a 14.4 m³/h, mu tabbatar faɗuwar matsi a kansa tana kusa da 33 kPa, sannan mu rufe sauran rassan ɗaya bayan ɗaya, mu auna ruwa a rabin buɗewa mu ga ko ya tsaya kusa da 3.1 m³/h.

Ku aiko da sabuwar takardar kayan tare da shafin katalog mai nuna Kvs da matsin rufewa kafin ranar Alhamis, domin in sa hannu. Na gode, Allah ya ba da sa'a.