Takardar Neman Aiki a Sashen Magunguna

Zangon Agege,
Legas.
12 ga Janairu, 2026.

Shugaban Sashen Magunguna,
Babban Asibitin Orile-Agege,
Legas.

Ranka ya daɗe,

NEMAN AIKIN MAI HARHAƊA MAGUNGUNA

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman a ba ni damar yin aiki a sashenku a matsayin mai harhaɗa magunguna.

Sunana Hadiza Sani Ɗanbaba, haifaffiyar Agege. Na kammala digirin ilimin harhaɗa magunguna a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, a 2023, na yi horon shekara ɗaya a asibitin koyarwa na jami'ar da ke Shika. Na ci jarrabawar PCN, hukumar da ke kula da masu harhaɗa magunguna, na samu rajista da lasisi, kuma na gama bautar ƙasa a 2025.

A Shika na zaga ɗakin ba da magani, ɗakunan kwanciya da sito. Na saba da duba takardar likita kafin in miƙa magani: ko adadin ya dace da nauyin yaro, ko magunguna biyu ba sa jituwa. Idan na yi shakka, nakan koma wurin likitan da ya rubuta. A sito kuwa na koyi fitar da wanda wa'adinsa ya fi kusa, da rubuta sanyin firjin insulin safe da yamma don kada ya fita daga digiri 2 zuwa 8, musamman ranar da wuta ta yi ta ɗaukewa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayanin da ake yi wa majinyaci a bakin taga. Mutanenmu na Agege da yawa, musamman dattawa da fataken da ke sauke shanu a Oko-Oba, sukan ce "to" alhali ba su gane ba. Na ga dattijuwar da ta ajiye maganin hawan jini don kai ya daina ciwo. Na ga mahaifiyar da ta tsayar da maganin zazzaɓin cizon sauro a rana ta biyu saboda jikin yaro ya yi sanyi, alhali sau shida ake shan sa cikin kwana uku. Ga kuma masu ciwon suga da ke sauya lokacin shan magani da azumi ba tare da shawara ba. Ina jin Hausa, Yarbanci da Turanci, kuma ba na ƙosawa da maimaita bayani har sai majinyaci ya faɗa mini da bakinsa yadda zai sha.

Sabuwar hannu ce ni, ina kuma ɗokin koyo a ƙarƙashin manya. A shirye nake in yi aikin dare da na ƙarshen mako, gidanmu ma ba nisa.

Na haɗo kwafen takardun shaidata da lasisi, tare da takardar tarihin karatuna mai ɗauke da lambar wayata. Duk ranar da kuka sa, zan zo ganawa in sha Allahu.

Na gode. Allah ya ƙara girma.

Taku cikin ladabi,
Hadiza Sani Ɗanbaba