Jimillar Kusurwoyin Ciki na Foligon da Yadda Ake Samo Girman Kowace Kusurwa

Wannan takardar darasi ce ga 'yan aji uku na ƙaramar sakandare masu shirin jarrabawar BECE. Kowa ya tanadi rula, fensir, furotarakta da karan dawa guda huɗu masu tsawo ɗaya, da ɗan zare.

Foligon siffa ce rufaffiya wadda miƙaƙƙun layuka kaɗai suka kewaye ta. Kowane layi gefe ne, inda gefe biyu suka haɗu kuma shi za mu riƙa kira lungu. Buɗewar da ke cikin lungun ita ce kusurwar ciki, kuma da digiri ake auna ta. Yawan gefuna da yawan lunguna ɗaya ne kullum, shi ne muke rubutawa da harafin n. Gindin rumbu ba foligon ba ne, domin da'ira ce, ba ta da miƙaƙƙen gefe. Shingen da aka bar masa ƙofa ba a rufe ba, shi ma bai cika sharaɗi ba.

Duk darasin nan a kan abu ɗaya ya tsaya, wanda kun riga kun sani: kusurwoyi uku na alwatika idan aka tara su 180° suke bayarwa. Wanda ya manta, ya yanki alwatika a takarda, ya yage lungunan uku ya jera su kai da kai a bakin rula. Zai ga sun kwanta a miƙe, babu gibi babu hawa kan juna.

To, kowace foligon alwatikai ne a haɗe. Ku zana siffa mai gefe biyar. Ku zaɓi lungu ɗaya tak, ku sa masa alama. Daga nan ku ja layi zuwa kowane lungu da ba ya maƙwabtaka da shi. Layi biyu za ku samu, kuma siffar za ta rabu gida uku, kowane gida alwatika. Ku duba da kyau: babu kusurwar alwatika ko ɗaya da ta faɗo a tsakiyar fili, dukkansu a lungunan siffar suke zaune. Ashe ke nan jimillar kusurwoyin siffar ita ce 3 × 180°, wato 540°. Mai gefe huɗu alwatika biyu take bayarwa, 360° ke nan. Mai gefe shida tana bayar da huɗu, 720°. Kullum alwatikan sun gaza yawan gefuna da biyu.

Me ya sa biyu, ba ɗaya ko uku ba? Ku tsaya a lungun da kuka zaɓa ku dubi gefunan. Gefe biyu suna manne da ku, ɗaya dama ɗaya hagu. Sauran gefunan, waɗanda suke fuskantarku, kowane ɗaya shi ne gindin alwatika guda. Idan an cire biyun nan daga n, abin da ya rage shi ne yawan alwatikan. Daga nan ƙa'idar ta fito:

Jimilla = (n − 2) × 180°

Baka biyun nan ba ado ba ne. Ɗalibi ya rubuta 8 − 2 × 180 a kalkuleta, sai ta fara ninkawa kafin ta ɗebe, ta ba shi −352. A ɗebe biyu tukuna, sannan a ninka: 6 × 180° = 1080°, ita ce jimillar mai gefe takwas.

Wani kuskuren a wajen zane yake faruwa. Yaro ya ja layi daga wannan lungu, ya koma wancan ya sake ja, layukan su gitta juna, ya ƙirga alwatika huɗu a cikin siffa mai gefe huɗu ya ce 720°. Rarar 360° ɗin daga mahaɗar tsakiya ta fito, inda kusurwoyi huɗu suka kewaye ɗigo ɗaya, alhali ba na siffar ba ne. Wanda ya fahimci wannan ya sami hanya ta biyu kyauta: a sa ɗigo a tsakiya, a ja layi zuwa kowane lungu, a sami alwatika n, sai a ɗebe 360° na tsakiyar. A mai gefe biyar, 5 × 180° = 900°, a cire 360°, saura 540°. Amsa ɗaya ce, domin 360° ɗin nan shi ne 2 × 180° da ƙa'idar ta cire tun farko.

Ƙa'idar ba ruwanta da kyan siffa. Ku ɗauki gona a gefen hanyar Ringim zuwa Taura, mai iyaka biyar, wani gefen dogo wani gajere, kamar yadda rabon gado yake barin gonaki. An auna kusurwoyi huɗu an sami 100°, 95°, 120° da 110°, na biyar kuwa kututturen kuka ya tsaya a wurin, ba a sami damar aunawa ba. Ba sai an sare kuka ba. Huɗun sun tashi 425°, jimilla kuwa dole 540°, saboda haka ta biyar 115° ce. Idan da an auna duka biyar aka sami 552°, to awon ne ya kuskure, a sake. Sau da yawa laifin daga furotarakta ne: lambobinta layi biyu ne, ɗaya ya taso daga dama ɗaya daga hagu, sai a karanta 70° a inda ya kamata a karanta 110°. Kafin ku karanta lamba, ku dubi kusurwar da ido: ta fi lungun littafi buɗewa ko ba ta kai ba?

Har siffar da ta lotsa ciki tana bin ƙa'idar. Gidan da katangarsa ta yi lanƙwasa kamar harafin L yana da gefe shida. Kusurwoyi biyar 90° ne kowace, 450° ke nan. Ta shidan, wadda ta kutso cikin tsakar gida, idan aka auna ta ta ciki 270° ce. A tara, 720°. Mai auna ta ta waje zai sami 90°, lissafinsa ya tsaya a 540°, ya yi ta neman inda 180° ya shige. A irin wannan siffa sai a lura da lungun da za a ja layuka daga gare shi, kada layi ya fita waje. Lungun da ya lotsa ɗin shi ya fi dacewa.

Yanzu sai daidaitacciyar foligon. Sharaɗinta biyu ne, kuma tare suke tafiya: gefuna duka tsawo ɗaya, kusurwoyi duka girma ɗaya. Ku ɗaure karan dawan nan huɗu baki da baki da zare, ku shimfiɗa a ƙasa su yi murabba'i. Ku tura lungu ɗaya da yatsa. Karan bai ƙaru ba bai ragu ba, amma siffar ta karkace, kusurwa biyu sun matse biyu sun buɗe, misali 60°, 120°, 60°, 120°. Jimilla tana nan 360°, sai dai siffar ta daina zama daidaitacciya. Shi ya sa magini mai hankali ba ya wadatuwa da auna tsawon bango huɗu idan yana fitar da harsashin ɗaki. Sai ya ja igiya daga lungu zuwa kishiyarsa, ya ja ta ɗaya ɓangaren, ya ga sun zo ɗaya. Ƙofar aji kuwa akasin haka ce: kusurwoyinta duka 90°, amma tsawo ya fi faɗi, ita ma ba daidaitacciya ba ce.

Idan sharaɗin biyu sun cika, rabo ne na adalci, a raba jimillar ga yawan kusurwoyi:

Kowace kusurwa = (n − 2) × 180° ÷ n

Fentagon, mai gefe biyar: 540° ÷ 5 = 108°. Heksagon, mai shida: 720° ÷ 6 = 120°. Oktagon, mai takwas: 1080° ÷ 8 = 135°. Mai tara 140°, mai goma 144°, mai goma sha biyu 150°. Mai bakwai ita ce mai taurin kai, 900° ÷ 7 ba ya rabuwa cif, yana ba da 128 da 4/7, kusan 128.6°, kada wannan ya firgita kowa ya goge aikinsa. Da n ake rabawa, ba da n − 2 ba. Wanda ya raba da n − 2 zai ga 180° ta dawo masa ko wace siffa ce, kuma kusurwa mai 180° miƙaƙƙen layi ce, babu lungu a wurin. Duk amsar da ta kai 180° ko ta wuce, a daidaitacciyar foligon, kuskure ce. Gefuna suna ƙaruwa kusurwar tana matsawa kusa da 180°, mai gefe ashirin 162° ce, amma ba ta taɓa isa.

Ku duba saƙar zuma idan an ɗebo daga amya. Ramukan heksagon ne, kuma a kowace mahaɗa uku ne suke haɗuwa: 3 × 120° = 360°, babu gibi. Fentagon ba za ta yi haka ba, uku 324° ne, saura gibin 36°, huɗu kuma sun yi yawa. Kafinta ma da lissafin nan yake aiki. Idan zai haɗa firam mai gefe takwas, katako biyu ne suke raba 135° a kowane lungu, don haka bakin kowane katako 67.5° za a yanke shi. Ya kuskure digiri ɗaya a kowane yanka, yanka goma sha shida ne, gibin 16° zai tarar a haɗin ƙarshe.

A jarrabawa an fi son juya tambayar. A ce jimillar kusurwoyi 1260° ce, gefe nawa? A raba da 180 a sami 7, alwatika bakwai ke nan, sai a mayar da biyun da aka cire: gefe 9. Da yawa a 7 suke tsayawa su yi asarar maki.

Idan kuwa kusurwa ɗaya aka bayar, gajeriyar hanya ta waje take. A miƙar da gefe ɗaya ya zarce lungu. Buɗewar da ke tsakaninsa da gefe na gaba ita ce kusurwar waje, ita da ta ciki kuma 180° suke haɗawa. Mutumin da ya zagaya shinge ya dawo inda ya tashi, yana fuskantar inda ya fuskanta da farko, ya juya sau ɗaya cif, don haka kusurwoyin waje jimillarsu 360° ce ko gefe nawa ne. A ce kowace kusurwar ciki 156° ce. Ta waje 180° − 156° = 24°, sannan 360 ÷ 24 = 15. Gefe goma sha biyar. A gwada: 13 × 180° = 2340°, a raba da 15, 156° ta dawo. Idan aka ce 100° fa? Ta waje 80°, 360 ÷ 80 = 4.5. Babu siffa mai gefe huɗu da rabi, saboda haka babu daidaitacciyar foligon mai wannan kusurwa, kuma haka za ku rubuta.

Aikin gida, a kawo ranar Litinin, kowace amsa da matakanta, a kuma sa alamar digiri. Na ɗaya, nemo jimillar kusurwoyin ciki na foligon mai gefe 11. Na biyu, nemo girman kowace kusurwa a daidaitacciya mai gefe 18. Na uku, fili mai gefe shida yana da kusurwoyi 130°, 105°, 140°, 98° da 125°. Nawa ce ta shida? Na huɗu, kusurwoyin wata siffa mai gefe huɗu su ne 2x, 3x, 3x da 4x. Nemo x da kusurwar da ta fi girma. Na biyar, kowace kusurwar cikin wata daidaitacciyar foligon 165° ce, gefenta nawa?

Amsoshi, don dubawa bayan an gama: 1620°; 160°; 122°; x = 30°, babbar kusurwa 120°; gefe 24.